Na ɓoye wa Yayana cinikin da ya fi cin kuɗina: me zan rubuta a wasiƙar wannan makon?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Zariya, ina ɗan taɓa saye da sayar da hannun jari a NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya, ta wayata, da jarin naira 600,000. Akwai wani abokina da ya girme ni, Yaya nake ce masa, ya daɗe a harkar. Mun yi da shi duk Asabar zan rubuta masa wasiƙar bitar cinikin mako. Makon jiya na rubuta masa cewa na ci ribar 6,000 a wani hannun jari da na saya guda 10,000 a naira 12 na sayar a 12.60, da kuma ribar 18,000 a wani da na gani a guruf ɗin WhatsApp. Amsarsa layi ɗaya ce: "Wannan labari ne, ina bitar?" Abin da bai sani ba, akwai wani da na saya guda 5,000 a naira 40, da niyyar in fita idan ya sauko 37. Ban fita ba. Da ya kai 34 na ƙara 3,000, yanzu yana 31. Mako uku ke nan ban sa shi a wasiƙa ba. Kunya ta hana ni, har ina tunanin in daina rubutawa sai farashin ya dawo. Ku ba ni shawara.

Wani malami, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka daina rubutawa, kuma kada ka jira farashi ya dawo. Wasiƙar wannan Asabar ita ce mafi amfani a cikin duk waɗanda za ka aika masa, kuma cinikin da kake jin nauyin ambata shi ne zai zo a layin farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da ya ware lokacinsa yana karanta takardarka kyauta duk mako, abin da yake nema ya gani shi ne inda kake tuntuɓe, don nan ne kawai zai iya yi maka amfani. Idan ka aika masa ribobi zalla, babu abin da zai ce maka sai barka.

Amma kafin mu je ga yadda za ka faɗa masa, bari mu yi lissafin da ya kamata wasiƙar ta ƙunsa, domin ina kyautata zaton kai ma ba ka zauna ka yi shi ba. Mai ɓoye wa aboki asara yawanci ya fara ɓoye wa kansa adadinta.

Mu fara da kuɗin da ake yanka. A kasuwar Najeriya, duk lokacin da ka saya akwai la'adar dillali, da kuɗin hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari, da kuɗin kan sarki, da harajin VAT a kan la'adar. Idan ka zo sayarwa, akwai la'adar dillali kuma, da kuɗin ita kasuwar NGX, da na CSCS mai ajiye bayanan hannayen jari, da kan sarki, da VAT. Idan dillalinka na karɓar kashi 1.35 cikin ɗari, jimillar takan kama kusan kashi 1.85 wajen saye da kusan 2.2 wajen sayarwa. Wato shiga da fita ɗaya na cin kusan kashi 4 cikin ɗari na kuɗin da ka sa. Wasu dillalan na karɓar ƙasa da haka, shi ya sa ainihin adadinka yana cikin takardar ciniki da dillali ke aiko maka ta imel bayan kowace oda. Daga ita za ka riƙa kwafo lambobi, kada ka kwafo daga ƙwaƙwalwa. Ni zan yi amfani da waɗannan kaso biyu a nan, kai kuma ka gyara da naka.

Ɗauki cinikin naira 12. Ka kashe 120,000 wajen saye, aka yanki kusan 2,220. Ka sayar a kan 126,000, aka yanki kusan 2,770. Jimillar yanka ta kusa 5,000. Ribar da ta shiga aljihunka ba ta wuce naira 1,000 da ɗoriya kaɗan ba. Ka jefa 120,000 cikin haɗari, farashi ya tashi da kashi 5 cikin ɗari kamar yadda ka yi hasashe, amma dillali da hukumomi suka kwashi biyar cikin shida na abin da aka samu. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa Yaya ya ba ka gajeriyar amsa. Duk wanda ya daɗe a kasuwar nan, da ya ga 12 zuwa 12.60 ya san babu 6,000 a wurin.

Yanzu ga babban. Da ka bi niyyarka ta farko, ga yadda abin zai kasance. Sayen 5,000 a naira 40 ya tsaya maka a kan kusan 203,700 har da yanka. Sayarwa a 37 za ta dawo maka da kusan 180,900. Asara ke nan ta kusan 22,800. Lura da wannan adadi, domin a ranka na san 15,000 ka ɗauka, wato naira 3 sau 5,000. Tun kafin kuskure ya shigo, haɗarin da ka ɗauka ya zarce wanda ka zata da kusan rabi.

Ga kuma inda kake a yau. Hannun jari 8,000 sun ci maka kusan 307,600 gaba ɗaya. Idan ka sayar a 31, abin da zai zo hannunka kusan 242,500 ne. Asarar ta kai kusan 65,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin goma na dukan jarinka, kuma kusan ninki uku na abin da tsarinka na farko ya yarda a rasa. Sannan rabin jarinka na zaune a kamfani ɗaya.

Aikin bita shi ne raba wannan 65,000 gida-gida, a san wane ne na wa. Gida na farko shi ne 22,800 ɗin nan. Wannan kuɗin kasuwa ne. Ka yi hasashe, hasashen bai yi ba, kuma hakan na faruwa da kowa, har da Yayan naka. Babu abin kunya a ciki. Gida na biyu shi ne kusan 29,300, abin da 5,000 na farko suka ƙara zubarwa daga 37 zuwa 31. Wannan kuɗin rashin fita ne. Gida na uku kusan 12,900 ne, asarar guda 3,000 da ka ƙara a 34. Wannan kuɗin ƙari ne a kan abin da ke faɗuwa. Idan ka haɗa na biyu da na uku za ka ga fiye da 42,000, kusan biyu cikin uku na asarar, sun fito ne daga shawarwari biyu da ka yanke bayan ciniki ya riga ya saɓa wa tsarinka. Wannan labari ne mai daɗin ji ta wata fuska, saboda abin da hannunka ya jawo shi ne abin da hannunka zai iya gyarawa. Babu wanda zai koya maka sanin inda farashi zai nufa gobe. Fita a inda ka ce za ka fita kuwa abu ne da ake koya, kuma aboki na iya taya ka tsare shi.

Batun jiran farashi ya dawo, shi ma yana da lamba. Don ka fita ba riba ba asara, sai farashin ya kai kusan naira 39.30, saboda yankan saye da na sayarwa. Daga 31 zuwa can tashi ne na kusan kashi 27 cikin ɗari. Yana iya faruwa, yana iya ɗaukar wata biyu, yana iya ɗaukar shekara, yana iya ƙin zuwa. Idan ka ɗaure wasiƙarka da wannan rana, ka yanke hulɗa da mai ba ka shawara daidai lokacin da rabin jarinka ke cikin matsala. Abin da ya fi damuna ma shi ne idan farashin ya dawo da wuri. Za ka rubuta masa cewa ka yi haƙuri ka ci riba, zuciyarka kuma ta koyi cewa ƙin fita da ƙari a kan faɗuwa dabara ce. Karo na gaba za ka maimaita da kuɗi mafi yawa.

Akwai wani abu da nake so ka bincika kafin ka ɗora wa kanka laifin rashin fita gaba ɗaya, domin dalilan da ke hana mutum fita a wannan kasuwa ba iri ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba. Buɗe manhajar dillalinka ka duba tarihin odojinka na ranar da farashi ya taɓa 37. Idan ka sa odar sayarwa amma ba ta samu mai saye ba, wannan matsalar kasuwa ce. A NGX farashin hannun jari ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa a rana guda, kuma idan mummunan labari ya fito, kamfani na iya bugun wannan iyaka tun da safe, masu sayarwa su yi layi, ɓangaren masu saye ya zama wayam. A irin wannan rana ko ka so fita babu ƙofa. Darasin wannan shi ne ka riƙa duba yawan hannun jarin da ake cinikinsa a kullum kafin ka shiga, ka guji kamfanin da odarka kaɗai za ta zama babban kaso na cinikin yini. Idan kuma faɗuwar ta zo ne a ranar da aka zaftare farashi saboda rabon riba, to wani ɓangare nata ba asara ba ce, domin kasuwa na rage farashi da adadin ribar da za a raba, kuɗin kuma na zuwa asusunka daga baya bayan an cire harajin kashi 10 cikin ɗari. Idan kana aji ne lokacin da farashi ya wuce, ba ka gani ba sai bayan an tashi, wannan matsalar tsari ce ta mai aiki biyu. Idan kuwa ka gani da idonka, yatsanka na kan waya, ka ce bari in ƙara masa kwana ɗaya, to wannan ita ce ta zuciya. Ka rubuta wa Yaya ainihin wadda ta faru. Ƙarin da ka yi a 34 yana sa ni zargin ta ƙarshen ce, amma kai ka san gaskiya.

To, me ya bambanta labari da bita? Labari ana rubuta shi ne bayan an san sakamako, kuma ƙwaƙwalwar ɗan Adam gwana ce wajen gyara dalilai su dace da sakamakon. Idan aka ci riba sai mutum ya tuna cewa dama ya hango, idan aka faɗi sai ya tuna cewa dama jikinsa bai ba shi ba. Bita tana buƙatar shaidar da aka rubuta tun kafin a san abin da zai faru. Saboda haka rabin wasiƙar Asabar ana rubuta shi ne a ranakun mako, kafin a danna saye. Ka samu ƙaramin littafi, irin na 'yan makaranta ma ya isa, kuma kafin kowace oda ka rubuta layi huɗu da kwanan wata: dalilin da ya sa zan saya, farashin da idan ya kai na yarda na yi kuskure, nawa zan rasa a nan har da yanka, da kuma inda nake sa ran sayarwa. Ka ɗauki hoton shafin ka tura wa Yaya a take, ba don ya amsa ba, don dai lokacin aikawa ya zama shaida. Niyyarka ta fita a 37 a zuci ta tsaya, shi ya sa ta yi sauƙin karyawa. Da tana cikin wayar wani tun ranar farko, da ranar da farashi ya taɓa 37 ka san akwai wanda zai tambaye ka.

Layin nan na uku, nawa zan rasa, shi ke yanke yawan abin da za ka saya. Mutane da yawa suna farawa ne daga kuɗin da ke hannu: ina da 200,000, bari in zuba. Ka juya lissafin. Ka fara yanke abin da za ka iya rasawa a ciniki ɗaya ba tare da barcinka ya lalace ba, a ce kashi 2 cikin ɗari na jari, wato naira 12,000. A cinikin naira 40 da fita a 37, kowane hannun jari ɗaya na ɗauke da haɗarin kusan naira 4.55 idan aka sa yanka. Raba 12,000 da 4.55, za ka samu kusan guda 2,600. Wannan ne adadin da ya dace da jarinka, kusan rabin abin da ka saya da farko, kuma kashi ɗaya cikin uku na abin da kake riƙe da shi yanzu. Girman ciniki na da alaƙa kai tsaye da rashin fita. Asarar 12,000 mutum na iya haɗiye ta ya danna sayarwa. Idan ta kai rabin albashi, sai hannu ya yi nauyi, a fara neman dalilan jira.

Layi na huɗu kuma zai nuna maka wani abu game da irin cinikin da ya dace da kai. Idan kana ɗaukar haɗarin naira 4.55 a kowane hannun jari, kuma kana son ribar da za ta ninka wannan sau biyu bayan yanka, sai ka sayar a kusan naira 51. Tashi daga 40 zuwa 51 ba abin kwana uku ba ne a mafi yawan lokuta. Ma'ana, da irin yankan kasuwarmu, shiga da fita cikin mako ɗaya don kamo kashi 5 cikin ɗari aiki ne da ribarsa ke tafiya ga wasu. Wanda ke koyarwa daga safe zuwa azahar, a daidai lokacin da kasuwa ke buɗe, ya fi dacewa da ciniki kaɗan masu tsawon makonni ko watanni, waɗanda ake yanke shawararsu da yamma bisa farashin rufewa, a sa oda washegari da safe kafin shiga aji. Wannan na nufin za a yi makonni da wasiƙarka za ta ce: ban sayi komai ba, ban sayar da komai ba, ga abin da nake riƙe da shi, ga inda kowanne yake dangane da iyakarsa. Wannan cikakkiyar wasiƙa ce. Na faɗi haka ne don na lura alƙawarin rubutu duk mako na iya tura mutum yin ciniki don kawai ya samu abin rubutawa.

Cinikin guruf ɗin WhatsApp ba zan daɗe a kansa ba. Cire yankansa kamar yadda muka yi, sannan ka tambayi kanka ko akwai layi huɗun nan a lokacin da ka saya. Idan babu, ka rubuta shi a wasiƙa a matsayin cinikin da ya saɓa tsari, duk da ya kawo kuɗi. Kowane ciniki na samun maki biyu daban: na kuɗi, da na bin tsari. Kai malami ne, ka san ɗalibin da ya rubuta amsa daidai ba tare da nuna aiki ba, ka kuma san abin da hakan ke nufi game da jarrabawa ta gaba. A ƙananan kamfanoni masu arhar farashi, wanda ya fara yaɗa suna a guruf sau da yawa ya riga ya saya, yana neman waɗanda zai sauke wa kaya ne.

Ga yadda nake ganin wasiƙar wannan Asabar za ta kasance. Ka sa ta cikin kalmominka, amma kada ka tsawaita ban-haƙuri har ya cinye lissafin:

"Yaya, barka da hutun mako. Akwai cinikin da na ɓoye maka mako uku, ka yi haƙuri, kunya ce ta sa. Ranar kaza na sayi 5,000 a naira 40 saboda dalili kaza. Niyyata in fita a 37, wanda da ya ci mini 22,800. Na ga farashin ya kai, ban sa oda ba. A 34 na ƙara 3,000 ba tare da wani sabon dalili ba, sai don in rage matsakaicin farashina. Yau yana 31, asarata 65,000 idan na sayar, kuma rabin jarina na ciki. Ribobin da na faɗa maka makon jiya ban cire yanka ba, ga ainihin adadinsu daga takardun dillali. Jarina gaba ɗaya a farashin rufewar Juma'a ya kama kaza, makon jiya kaza ne. Abin da na yanke: ba zan ƙara ko guda ɗaya ba, kuma ranar Litinin zan yi kaza. Tambayata ɗaya ce: a ina kake ganin lissafina na wannan shawarar ya yi rauni?"

Dubi layin jimillar jari. Shi ne ke toshe ƙofar ɓoyo har abada. Muddin kowace wasiƙa na ɗauke da kuɗin da ke asusu haɗe da darajar duk abin da kake riƙe da shi a farashin Juma'a, babu cinikin da zai iya ɓacewa daga takarda, domin lambobin ba za su haɗu ba. Wasiƙar da ke lissafa abin da aka sayar kawai tana da wata ɓaraka da kowa ke faɗawa: mutum na saurin sayar da mai riba don ya samu abin nunawa, ya bar mai asara a ajiye tunda "ba a yi asara ba sai an sayar". A haka takarda ke cika da nasarori, asusu kuma na ramewa.

Dubi kuma tambayar ƙarshe. Ban ce ka tambaye shi ko ka sayar ba. Idan ka tambayi haka ka ɗora masa kayan da ba nasa ba. In ya ce sayar, farashi ya tashi, za ka riƙe shi a zuci. In ya ce riƙe, ya ƙara faɗuwa, haka nan. Abota da yawa sun yi tsami a kan wannan. Kai za ka kawo shawararka da dalilinta, shi kuma ya nemo ramin da ke ciki.

Tunda ka tambaye ni, ga ra'ayina kan abin da za ka cike a gurbin "ranar Litinin zan yi kaza". Ka manta da 40, ka manta da 34, kasuwa ba ta san nawa ka saya ba. Ka ɗauka an ba ka naira 242,500 a hannu yau. Za ka zuba su duka a wannan kamfani a naira 31? Ka koma ga dalilinka na farko ka duba ko yana nan: rahoton kuɗin kamfanin na wata uku da ya fito bayan ka saya, idan akwai, me ya nuna game da riba da bashi? Faɗuwar ta kamfanin ce shi kaɗai, ko duk ɓangarensa ne ya sauka? Idan ba ka da amsar da za ka iya rubutawa a layi biyu ka tura wa Yaya ba tare da jin nauyi ba, ka fita. Idan kana da ita, duk da haka guda 8,000 sun yi wa jarinka yawa. Ka rage zuwa adadin da lissafin 12,000 ya ba ka, da sabuwar iyaka a rubuce, wadda ke wayarsa. Idan kuma a cikin 600,000 ɗin nan akwai kuɗin adashi, ko na makarantar yara, ko na wani da ya ba ka ajiya, wannan ma ya shiga wasiƙar, kuma shi za a fara cirewa daga kasuwa kafin komai.

Abu na ƙarshe da zan ƙara a wasiƙunka na gaba shi ne ma'auni. Kusa da jimillar jarinka, ka rubuta inda ma'aunin kasuwar gaba ɗaya, wato ASI, ya rufe a wannan Juma'ar. Dalili shi ne a 2023 wannan ma'auni ya tashi da kusan kashi 46 cikin ɗari, a 2024 kuma da kusan 38. A irin waɗannan shekaru da yawa daga waɗanda suka sayi manyan kamfanoni suka kwanta barci sun ga riba, saboda haka riba ita kaɗai ba ta nuna gwaninta. Mako ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, ciniki uku ma haka. Amma idan littafinka ya tara ciniki ashirin, ku zauna da Yaya ido da ido, ku fitar da abu uku: matsakaicin ribarka a cinikin da ya yi kyau, matsakaicin asararka a wanda bai yi ba, da adadin waɗanda ka saɓa wa tsarinka a cikinsu. Sannan ku kwatanta tafiyar jarinka da ta ASI a wannan tsakanin. Idan bayan duk wahalar duba waya tsakanin darasi da darasi kana bayan kasuwa, to ku tattauna ko ya fi maka ka sayi kamfanoni kaɗan masu ƙarfi ka riƙe su, ka mai da wasiƙar ta wata-wata.

Game da yadda Yaya zai karɓi maganar, ba na jin zai yi mamaki. Wanda ya ce maka "ina bitar?" ya riga ya ji a jikinsa cewa akwai abin da ba ya cikin takardar, domin babu mai ciniki da makonninsa ke zuwa da riba zalla. Yana iya yi maka faɗa kan mako ukun, kuma yana da gaskiya, ka saurara kada ka kare kanka. Ka tura wasiƙar tun ranar Asabar da safe, tare da hotunan takardun dillali na saye biyun, don ya samu Lahadi ya duba kafin kasuwa ta buɗe ranar Litinin. Allah Ya mayar maka da alheri, Ya sa albarka a abin da ya rage.